Alhaji, 138 a Agogonka Ba Hukunci Ba Ne: Yadda Za Ka Karanta Bugun Zuciyarka a Tattaki

Assalamu alaikum, Alhaji. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce shekarunka 54, ka fara tattaki bayan sallar La'asar, kuma minti goma da fara ɗaga ƙafa agogon hannunka ya nuna bugun zuciya 138 a minti ɗaya, alhali idan kana zaune 78 yake nunawa. Ka ce ka tsaya cak, ka hau adaidaita ka koma gida, tun daga ranar ba ka sake fita ba. Ka ƙara da cewa ba ka ji ciwon ƙirji ko jiri ba, haki ne kawai da zufa.

Amsata a taƙaice ita ce, 138 ga mai shekarunka da ya daɗe bai motsa jiki ba, a zafin yammacin Kano, abu ne da ake gani kullum, kuma lambar ita kaɗai ba ta nuna cuta. Amma ba na so ka ɗauki wannan a matsayin lallashi. Akwai yanayin da bugu mai sauri yake zama gargaɗi na gaske, kuma ya kamata ka iya bambance su da kanka. Ni koci ne, ba likita ba, don haka zan nuna maka inda aikina ya tsaya, na likita ya fara.

Dalilin da ya sa bugun yake hawa

Idan kana zaune, zuciyarka tana harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Da ka fara tafiya da sauri, manyan tsokokin cinya da na ƙwauri sai su nemi iskar da jini ke ɗaukowa ninki biyu ko fiye. Zuciya tana da hanya biyu ta biya musu buƙata: ta ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ko ta ƙara yawan bugun. Zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a bugu guda, don haka ba ta buƙatar gaggawa. Wadda ta shekara da shekaru tsakanin kujerar shago, mota da tabarma kuwa, abin da take turawa a bugu guda kaɗan ne, sai ta cike giɓin da sauri. Kamar mai jan ruwa ne da ƙaramar guga: zai cika randar, amma sai ya zura sau da yawa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sa'annin juna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana 110, ɗaya yana 140, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 ko ya haura, kuma bayan La'asar kwalta da gine-gine ba su huce ba. Jiki yana tura wani kaso na jini zuwa fata don ya fitar da zafi, zufa kuma tana rage ruwan da ke cikin jinin. Sakamakon shi ne zuciya ta ƙara bugu goma ko fiye a kan irin tafiyar da da asuba ba za ta kai haka ba. Za ka ma lura cewa ko ba ka ƙara sauri ba, bugun yana ta hawa a hankali bayan minti ashirin. Wannan aikin zafi ne da ƙarancin ruwa.

Da farko, tabbatar lambar gaskiya ce

Agogon hannu ba ya jin zuciya. Wani koren haske yake haskawa cikin fata yana ƙiyasta shigowar jini da fitarsa. Idan igiyar ta yi sako-sako, ko zufa ta shiga ƙarƙashi, ko hannu yana lilo da ƙarfi, yana iya ruɗewa, wani lokacin ma ya koma ƙirga takunka a maimakon bugunka. Don haka ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka ɗaure shi yadda ba zai zame ba, sannan ka gwada shi da yatsunka.

Ga yadda ake yi. Juya tafin hannun hagu sama. Ɗora yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ɗan ramin da ke tsakanin ƙashi da jijiya. Kada ka yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun. Danna kaɗan har ka ji. Ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu: 28 ya zama 112, 30 ya zama 120, 32 ya zama 128, 35 ya zama 140. Ka fara ƙirgar nan take da ka tsaya, domin bugun yana soma sauka tun a sakannin farko. Ka tuna kuma kuskuren bugu ɗaya a ƙirga yana zama huɗu a sakamako, saboda haka kada ka tayar da hankali a kan bambancin uku ko huɗu tsakanin yatsa da agogo. Idan bambancin ya kai ashirin, yatsa za ka yarda da shi.

Haka nan 78 ɗin da ka ba ni, ina so ka sake auna shi yadda ya dace: da ka farka, kafin ka tashi zaune, kafin shayi, minti ɗaya cur, kwana uku a jere, ka ɗauki matsakaici. Tsakanin 60 da 100 ake ɗauka a matsayin daidai ga baligi. Wannan lambar ita ce tushen duk lissafin da zai biyo baya.

Lissafin naka, da iyakarsa

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce a cire shekaru daga 220 a sami maƙurar bugun zuciya. A wurinka 166 ke nan. Akwai wata da masana suka fitar a 2001, wato 208 a cire kashi 70 cikin ɗari na shekaru, wadda za ta ba ka kimanin 170. Dukansu ƙiyasi ne da aka samo daga matsakaicin mutane masu yawa, kuma mutum ɗaya yana iya kauce musu da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa, wasu ma fiye. Wato maƙurarka ta gaskiya tana iya zama 155, tana iya zama 178. Kuma maƙura ba katanga ba ce da zuciya za ta fashe idan an kusance ta, iyakar gudun da za ta iya ne kawai.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda take la'akari da bugunka na hutu. Cire 78 daga 166, ya rage 88. Wannan ita ce tazarar da zuciyarka take aiki a cikinta. Motsa jiki matsakaici, wanda shi ake so a gare ka yanzu, yana tsakanin kashi 40 da kashi 60 cikin ɗari na wannan tazara. Kashi 40 na 88 shi ne 35, ka ɗora a kan 78, ya zama 113. Kashi 60 shi ne 53, ka ɗora, ya zama 131. To zangonka ke nan: 113 zuwa 131, ko a ƙirgar yatsa, 28 zuwa 32 a sakan 15.

Ka ga 138 ya ɗan haura zangon, ya shiga farkon aiki mai ƙarfi, amma ya yi nisa da maƙura. Idan kuma maƙurarka ta gaskiya 178 ce, tazarar ta zama 100, 138 kuwa ya faɗa daidai kan kashi 60. Ma'anar wannan a aikace ita ce saurin da ka ɗauka ya ɗan fi ƙarfin jikinka na yanzu a wannan zafin. Maganinsa rage sauri da sauya lokaci, ba zaman gida ba.

Saboda lissafin yana iya kuskure, sai a haɗa shi da ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura, wato magana. Kana cikin tafiya, ka faɗi cikakkiyar jimla da murya, misali ka ba abokin tafiyarka labarin kasuwa. Idan kana iya magana jimla-jimla, numfashi ya ƙaru amma ba ya katse ka, kana daidai, ko da agogo ya ce 135. Idan sai ka ja numfashi bayan kalma uku ko huɗu, ka wuce, ko da agogo ya ce 120. Idan kuwa za ka iya doguwar tilawa ba tare da wani sauyi a numfashi ba, kana iya ƙara sauri kaɗan. Duk inda lamba da numfashi suka saɓa, numfashi nake bi.

Yadda yake sauka ya fi yadda ya hau muhimmanci

Wannan shi ne abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai. Da ka gama tafiya da sauri, auna bugun nan take. Ci gaba da takawa a hankali sosai na minti ɗaya, ka sake aunawa. Zuciya mai lafiya tana sauka da wuri. A gwajin asibiti, inda ake sa mutum ya yi aiki har ya gaji, likitoci suna ɗaukar saukar da ba ta wuce bugu 12 ba a minti na farko a matsayin abin da ya kamata a bincika. Tattakinka bai kai wannan gwajin tsanani ba, don haka kada ka yanke wa kanka hukunci da awo ɗaya. Amma idan daga 138 ka sauko 120 a minti ɗaya, bayan minti biyar kana wajen 100, alama ce mai kyau. Idan kuma kullum minti goma bayan ka zauna a inuwa ka sha ruwa bugun yana nan sama da 120, wannan na kai wa likita ne.

Sannan ka saurari tsarin bugun a ƙarƙashin yatsa. Ya kamata ya hau a hankali yayin da kake ƙara sauri, ya zo a jere da tazara iri ɗaya, ya sauka a hankali. Bugu ɗaya da ya yi kamar ya tsallake jefi-jefi abu ne da yawancin mutane suke samu. Abin da ba na so shi ne iri biyu. Na farko, bugun da ya rikice gaba ɗaya, wani da ƙarfi, wani a raunane, babu tsari ko kaɗan. Wannan yana iya zama rawar ɗakunan saman zuciya, matsalar da take ƙaruwa da shekaru da hawan jini, kuma tana iya haddasa shanyewar ɓarin jiki idan ba a kula ba. Na biyu, bugun da ya yi tsalle farat ɗaya daga 100 zuwa 160 ko 180 ba tare da ka ƙara sauri ba, ka tabbatar da yatsa, sannan ya yanke farat ɗaya. Dukansu suna buƙatar gwajin ECG, wanda ke zana tsarin bugun zuciya, kuma ka rubuta lokacin da abin ya faru da tsawonsa don likita ya gani.

Inda za ka tsaya, ba tare da lissafi ba

Idan ka ji nauyi, matsi ko zafi a tsakiyar ƙirji, musamman wanda yake zuwa da tafiya ya lafa da hutu, ko yake yaɗuwa zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, ka tsaya. Haka idan ka ji jiri kamar za ka faɗi, ko duhu ya rufe ido, ko haki ya fi ƙarfin aikin da kake yi, ko zufa mai sanyi da tashin zuciya. A nan lamba ba ta da amfani, domin ciwon zuciya yana iya zuwa bugu yana 95. Idan abin ya lafa da hutu, kada ka sake fita sai likita ya duba ka, kuma a cikin kwanakin nan, ba wata mai zuwa ba. Idan ya wuce minti biyar kana zaune bai lafa ba, ko ka suma, a kai ka sashen gaggawa nan take, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko duk babban asibitin da ya fi kusa. Kada ka tuƙa kanka, kada kuma a ce gyambon ciki ne a tsaya shan maganin kemis.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, a shekara 54 ina so ka san awon hawan jininka da na suga kafin mu ƙara nauyin atisaye. Hawan jini ba ya faɗin zuwansa, kuma bugun zuciya ba ya nuna shi, abubuwa biyu ne daban. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban, ka ga likita, amma yawanci tafiya tana cikin maganin. Ranar da ka auna ka ga 180 bisa 110 kana zaune, ba ranar tattaki ba ce, ranar asibiti ce. Idan kuma kana da ciwon suga, ciwon ƙoda, ko an taɓa ce maka kana da matsalar zuciya, likita ya fara ba ka izini. Mai ciwon suga na da dalili na musamman, domin ciwon zuciya yana iya zo masa babu zafin ƙirji, sai haki da kasala kawai.

Abubuwan da suke taɓa lambar ba ka sani ba

Ba ka faɗa mini ko kana shan magani ba, kuma wannan yana sauya lissafin sosai. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, bisoprolol da propranolol, suna danne bugun zuciya. Mai shan su zai iya yin haki yana 105, don haka zangon 113 zuwa 131 ba nasa ba ne, kuma haɗari ne ya yi ta ƙara sauri yana neman lambar. Shi gwajin magana zai bi. Kada kuma ya daina maganin farat ɗaya don kansa, domin bugun zai iya tashi fiye da da. Amlodipine kuwa ba ya rage bugun. A ɗaya ɓangaren, salbutamol na masu asma da wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna ƙara shi. Ka ɗauki kwalayen duka ka nuna wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani.

Goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari suna iya ɗaga shi ga wasu mutane, taba kuma ta fi su duka. Rashin barci da damuwa ma haka, har da tsoron kallon agogon kansa. Zazzaɓi yana ƙara bugu kimanin goma a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka idan ka farka ka ga bugun hutu ya haura na kullum da goma, ga kasala, ka bar tattaki ranar, ka yi gwajin maleriya idan jiki ya yi zafi. Idan kuwa bugun hutu ya zauna sama da 100 kwana da kwanaki, a duba ƙarancin jini da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod. Gwaje-gwajen jini ne masu sauƙi.

Tsarin mako takwas

Mayar da tattakin bayan sallar Asuba idan gari ya ɗan waye, ko bayan Magariba a wuri mai haske. Zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya wadda motoci ba su cika yawa ba, irin titunan Nasarawa wajen filin sukuwa ko cikin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero idan kana da damar shiga. Hawan Dala ko Goron Dutse ka ajiye shi tukuna, hawa yana tayar da bugu fiye da kowane sauri. Sha rabin ledar ruwa zuwa leda guda kafin ka fita, ka riƙe wata, sai dai idan likita ya ƙayyade maka ruwa. Fitsari mai duhu da safe alama ce ta cewa ka fara da bashin ruwa.

Kowace fita tana da sassa uku, kuma ina zargin na farkon ne ka tsallake. Minti biyar na farko tafiya ce ta zuwa masallaci, a hankali, don jijiyoyin jini su buɗe. Wanda ya fito daga ƙofa ya ɗauki sauri nan take, bugunsa yana tsalle sama ya bar shi da haki. Minti biyar na ƙarshe ma a hankali ne. Kada ka tsaya cak kamar yadda ka yi, domin tsokar ƙafa ce take taimakawa wajen mayar da jini sama, idan ta tsaya farat ɗaya jini yana taruwa a ƙasa, jiri ya biyo baya.

Sashen tsakiya shi ne mai ƙaruwa. A mako na ɗaya da na biyu, minti 10 kacal, kwana huɗu a mako, kana riƙe bugun a 28 zuwa 30 a sakan 15. Idan ya haura 32, rage tsawon taku na minti biyu har ya sauko, sannan ka ci gaba. Zai yi maka kamar wasa, kuma haka ake so. A mako na uku da na huɗu ka kai minti 15 zuwa 20, kwana biyar. Na biyar da na shida, minti 25. Na bakwai da na takwas, minti 30 kwana biyar, wanda ya ba ka minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi. Tsawon lokaci ake fara ƙarawa, sauri ya biyo baya. Idan wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, kada ka tsallaka gaba.

Ranar Asabar ɗin kowane mako biyu, yi gwaji iri ɗaya: hanya ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, ka gama ta a mintuna iri ɗaya. Rubuta abu uku a ƙaramin littafi, bugun hutu na safiyar, bugun ƙarshen tafiya, da na bayan minti ɗaya. Abin da ake sa rai shi ne zuwa mako na shida ko na takwas, tafiyar da take kai ka 130 ta koma kai ka wajen 120, saukar minti ɗaya ta ƙaru, bugun hutu ya ragu da 'yan kaɗan. Idan ka bi tsarin mako takwas babu sauyi, ko hanyar da kake gamawa a sauƙaƙe ta fara gagarar ka, ka kai littafin wurin likita, zai amfane shi fiye da bayanin baki.

Idan azumi ya riske ka cikin tsarin, mayar da tafiyar kamar awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, ka rage sauri, domin mai ƙishirwa bugunsa yana hawa da wuri. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya yi tattaki da azumi a bakinsa, kuma a kowane lokaci ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, domin faɗuwar suga ma tana zuwa da bugun zuciya, rawar jiki da zufa. A hunturu kuma, ranar da ƙura ta rufe gari, ka sa takunkumi ko ka yi zagayen a tsakar gida.

A wannan makon abin da nake so ka turo mini shi ne bugun hutu na safiya uku, awon hawan jini da na suga, da sunayen magungunan da kake sha idan akwai. Idan awon ya fito lafiya, ka fara da minti biyar, goma, biyar, da Asuba, ka aiko mini da lambar ƙarshen tafiya da ta bayan minti ɗaya. Allah ya ƙara lafiya, Alhaji.